Inda Ƙarfen Ya Fara Tsagewa

Tabarau na ɗakin gwaji tana goge agogon awon matsi lokacin da ƙarar ta zo. Ba irin ƙarar da aka saba ji a masana'antar ba ce, wadda kunne kan ɗauka ya ajiye. Wannan ta ƙasa ta biyo, ta shiga ƙafafun kujera, ta kakkaɓo ƙurar silin a kan teburinta. Sai kuma wurin ya yi tsit, injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙarshen rumfa wani ya fara salati da muryar da ba ta yi kama da ta namiji ba.

Sunan Tabarau ma'aikata suka laƙaba mata tun ranar da ta fara aiki, saboda gilashin idonta mai kauri. Ita ce injiniyar gwaji, ita kaɗai ce mace a ɓangaren, kuma ba mai son hayaniya ba ce. Ko gardama aka fara a gabanta sai tafin hannunta ya jiƙe. Amma a wannan ranar, da gudu ta fita, ko hular kwano ba ta ɗauka ba.

Babban injin matse ƙarfe ne ya fashe. Shi ne wanda ake zuba wa tarkacen motoci da tsofaffin durom, ya danne su su koma dunƙule kamar bulo. Ƙarfinsa duka daga silinda guda yake fitowa, wani ƙaton bututun ƙarfen zubi mai kaurin bango, wanda famfo ke cusa wa mai, man kuma ya tura fistan, wato ƙarfen da ke danne tarkacen. Yanzu silindar ta rabe a tsaye tun daga wuya har gindi. Ɓari ɗaya na rataye a jikin injin, ɗayan ya tashi ya karya ginshiƙin rumfa ya faɗo. Baƙin mai ya malale ko'ina, yana ɗiga daga kwanon rufi kamar an yi ruwa.

Matashin da ke tuƙa injin yana kwance a gefen ginshiƙin. Tabarau ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai. Ɓarin ƙarfen ya same shi a ƙirji, kuma babu abin da asibiti za ta yi masa. Wani ya cire rigarsa ya rufa masa, rigar ta jiƙe nan take.

Wan mamacin shi ne shugaban masu yanka ƙarfe, ana ce masa Mai Guduma. Ya durƙusa kusa da gawar, bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon ɓarin silindar da ke ƙasa, wanda bayansa ke ta ƙyalli duk da man da ya shafe shi.

"Wa ya feƙe wannan?" ya tambaya, a hankali.

Kowa ya sani. A gyaran da aka yi wa injin kwanakin baya, sabon zoben da ke riƙe silindar ya ƙi shiga saboda tsatsa, aka ɗora ta a kan injin feƙe ƙarfe, Bahago, tsohon da ke aiki da injin feƙewar, ya ɗauke mata fatar baya. Duk wanda ya wuce a lokacin ya ga ɓawon ƙarfe na zuba, har ana yi wa tsohon tsiya cewa yana yi wa amarya kwalliya.

"Ya rage mata kauri," in ji wani daga baya. "Na faɗa tun ranar."

"Ka faɗa wa wa? Matarka?"

"Wallahi na faɗa. Abin da ke riƙe da mai mai matsin ɗari shida, ka sa masa wuƙa?"

Bahago na tsaye a bakin ɓangaren gyara da tsumma a hannu. Tsoho ne siriri, gashin kansa duk ya yi fari, kunnensa ɗaya injina sun cinye. Tun zamanin mahaifin Tabarau yake wurin, shi ya koya mata karanta ma'aunin kauri tana 'yar makaranta, yana riƙe mata yatsu. Da ya ga mutane sun juyo gaba ɗaya, sai ya ɗan yi murmushi, irin na wanda bai ji abin da aka ce ba.

Murmushin ne ya tunzura su. Mai Guduma ya miƙe, ya taka zuwa wurinsa ba gaggawa, ya kai masa naushi a baki. Tsohon ya faɗi a kan tarin bututu. Kafin ya ɗago, mutum biyar sun rufe shi. Takalman aiki masu ƙarfe a baki suka riƙa sauka a haƙarƙarinsa, ana jin sautin kamar ana dukan buhun da bai cika ba. Wani ya kama ƙafarsa ya ja shi a cikin man har tsakiyar rumfa, kansa na bugun siminti, suka yar da shi kusa da gawar.

"Kalle shi," in ji Mai Guduma. "Buɗe ido ka kalle shi, tsohon banza. Matarsa cikin wata bakwai gare ta."

Tabarau ta nemi wanta da ido. Yaya shi ne shugaban ɓangaren gyara, shi ne kuma mai walda, kuma duk masana'antar ba wanda ake jin maganarsa kamarsa. Shi ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur yana ce wa abokansa wannan 'yar sai ta zama shugabarsu. Ta hango shi jingine da teburin aiki, hannuwansa a cikin aljihu. Ta ratsa ta kama hannun rigarsa.

"Yaya, za su kashe shi. Ka yi magana."

"An kira 'yan sanda."

"Kafin su zo fa?"

"Koma ofishinki, Auta." Bai kalle ta ba. "Wannan ba wurinki ba ne."

"Baba Bahago ne fa."

"Na ce ki koma."

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba, a bushe, kamar ta wanda ya kwana da zazzaɓi. Ta sake shi. Ba ta koma ofis ba kuma ba ta iya shiga cikin mazan ba, sai ƙafafunta suka kai ta inda suka saba kai ta idan abu ya lalace, wato wurin ƙarfen. Ta tsuguna gaban ɓarin silindar, ta sa gefen mayafinta ta goge fuskar karayar.

A kanta lissafin ya riga ya fara tafiya, don shi ne abin da take yi idan tsoro ya kama ta. Faɗin ramin silindar milimita ɗari biyu ne, faɗinta na waje ɗari huɗu, bangon ke nan ɗari. Mai idan ya matsa daga ciki, abu biyu yake yi wa bango. Yana danna shi daga ciki zuwa waje, wannan dannin kuwa a fuskar ciki daidai yake da matsin man, yana raguwa cikin kaurin har ya zama babu a fatar waje, inda iska ce kawai. Yana kuma neman buɗe bangon, yana jan sa a zagaye kamar zoben da ake son faɗaɗawa. Wannan jan shi ke tsaga silinda a tsaye, kuma ba daidai yake rabuwa cikin kaurin ba. A irin wannan silindar, idan agogo ya nuna ɗari shida, jan da ke fuskar ciki dubu ne, na fatar waje ɗari huɗu. Ƙarfen ciki shi ke shan wahala biyu, ana jan sa ta gefe ana danna shi ta gaba. Na waje kusan ɗan rakiya ne.

Bahago milimita biyu ya ɗauke daga wajen. Ita ta auna da hannunta bayan ya gama. Ta sake lissafawa a ranta, leɓɓanta na motsi: abin da hakan ya ƙara wa jan ciki bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Wannan ba ya fasa silinda.

A bayanta wani abu ya karye, Bahago ya yi wata ƙara gajeriya. Wani ya ce a kawo bututu.

Ta ci gaba da gogewa. Yawancin fuskar karayar sabuwa ce, toka-toka mai ƙyalli kamar an fasa dutse. Amma can wajen tsakiyar tsayin, a gefen ramin, akwai wani tabo baƙi mai siffar rabin wata, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Santsi gare shi, mai ya daɗe da rina shi, da layuka a jere masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi. Tsohuwar tsaga ce. Kullum injin ya matsa ya saki sai ta ƙara ci gaba kaɗan, tana tafiya daga ciki zuwa waje inda ba idon da zai gan ta, har ƙarfen da ya rage ya kasa. Ta bi layukan da farce zuwa inda suka taru. A nan, daidai fuskar ramin, ƙarfen ya sauya launi. Wani siririn layi ne mai haske, tsawon yatsa, an goge shi ya yi sumul da sauran. Walda ce.

Sai ta tuna fistan ya taɓa yi wa ramin ƙarzuwa, mai na zuba, aka ce za a kawo sabuwar silinda. Daga baya aka ce an shawo kan abin. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, don Yaya ne ya faɗa. Walda a kan ƙarfen zubi takan bar gefenta da tauri da gautsi, da ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Da a bayan silindar aka yi ta, da wataƙila an daɗe ana zaune lafiya. Shi kuwa ya sa ta a wurin da jan ya fi ko'ina yawa.

Ta ɗago. Yaya na kallonta daga inda yake, ya ga inda yatsanta yake. Ya girgiza mata kai sau ɗaya, kaɗan.

An kawo bututun. Mai Guduma ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu. Mutum biyu suka take hannun hagun Bahago a kan siminti, hannun da yake aiki da shi. Fuskar tsohon ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, jini na fita ta kunnen da ke ji. Bututun ya sauka a kan yatsun. Tsohon ya banƙare, bakinsa a buɗe, sauti bai fito ba.

"Wannan na hannun ne," in ji Mai Guduma. "Saura kan da ya yi tunanin."

Tabarau ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta dai ji santsin mai a ƙarƙashin takalminta, ta ji gwiwoyinta sun bugi ƙasa, sai ga ta a kan tsohon, ta rufe kansa da jikinta. Warin jini da mai ya cika mata hanci.

"Tashi, Injiniya," in ji Mai Guduma.

"Ba shi ba ne."

"Ki tashi, ba na dukan mata. Kada ki sa in fara yau."

"Malam, don Allah ka saurare ni. Ba feƙewar ba ce." Ta ɗaga kai ta kalle shi. "Ka zo ka gani da idonka. In ƙarya nake, ga shi nan, ba inda za shi."

Wani ya yi dariyar ƙeta. "Za ta karanta mana littafi."

"A ja ta gefe mana."

Hannu ya damƙi kafaɗarta ya fizge ta, mayafin ya yage, gilashin ya faɗi. Ta lalubo shi cikin man ta mayar, ido ɗaya duk ya shafe. Ta rarrafa ta koma kan tsohon. Wanda ya ja ta ya ɗaga hannu zai mare ta, Mai Guduma ya tare shi da bututun.

"Bar ta. Nuna min."

Ta kai shi gaban ɓarin. Mutane suka biyo, suka yi musu zobe. A ranta ta ƙudurta abu ɗaya: za ta nuna musu cewa ta ciki abin ya fara, ta tsaya a nan. Ba za ta ambaci kowa ba. Ta ɗauka za a iya fitar da mutum ɗaya daga wuta ba tare da an tura wani ba.

"Kai mai yanka ƙarfe ne," ta ce. "Ka san sabuwar karaya, ka san tsohuwa. Wannan fa?"

Ya tsuguna. Ya shafa wurin mai ƙyalli. "Ta yau ce."

"Wannan baƙin kuma?"

Ya shafa baƙin tabon. "Ta kwana biyu."

"Ta ina take, ciki ko waje?"

"Ciki."

"Baba Bahago bai taɓa ciki da wuƙarsa ba. Inda ya feƙe, duba, lafiya lau yake, shi ne ma ya karye a ƙarshe. Mai idan ya matsa, ba duk kaurin ke ɗaukar nauyin daidai ba. Na ciki ke ɗaukar mafi yawa, ya ninka na waje sau biyu da rabi. Abin da ya cire a baya, ko da bai cire ba, yau ɗin nan ko gobe sai ta fashe."

"Bango kamar katangar gidan yari," in ji wani, "ki ce ɗan tabon nan ya kayar da shi?"

"Ko an ninka kaurin," ta ce, "jan da ke fuskar ciki ba zai taɓa sauka ƙasa da matsin man ba. Kaurin waje ba ya ceton ciki idan ciki ya sami rauni."

Ta tsaya a nan, kamar yadda ta yi niyya. Amma Mai Guduma bai tashi ba. Babban yatsansa na bin layukan, kamar yadda nata ya bi, har ya isa inda suka taru. Ya kankare wurin da farce. Ya tofa yawu ya goge. Shekarunsa ashirin yana yanka abin da wasu suka haɗa, ba ya bukatar a gaya masa sunan abin da yake gani.

"Wa ya yi walda a nan?"

Ta kau da ido.

"Injiniya. Tambayarki nake."

"Ban ga lokacin da aka yi ba."

"Ban ce kin gani ba."

A masana'antar duka mutum ɗaya ne ake ba waldar ƙarfen zubi. Kawuna suka fara juyawa tun kafin ya miƙe. Tabarau ta ga yadda zoben mutanen ya buɗe ta gefe ɗaya, hanya ta miƙe daga inda suke har teburin aiki.

Yaya bai gudu ba. Ya fitar da hannuwansa daga aljihu.

"Ƙarzuwar ba ta kai zurfin farce ba," ya ce. Ba da Mai Guduma yake ba, da ita yake. "Ƙarfe milimita ɗari na bayanta, Auta. Ɗari. Na ce ko rabi ya lalace, rabi zai riƙe."

"Kana tsaye," in ji Mai Guduma. "Muna taka tsohon nan kana tsaye da hannu a aljihu."

Bututun ya same shi a gefen wuya. Ya durƙushe, ya kama teburin, kayan aiki suka zubo masa. Na biyu ya kare da hannun dama, Tabarau ta ji ƙashin ya ba da sauti kamar busasshen itace. Waɗanda ɗazu suka taka Bahago su suka fi kowa zafi yanzu, kamar duka zai wanke musu abin da suka yi. Wani ya ɗauki sifana. Wani ya riƙa buga kan Yaya da ƙafar teburin yana zaginsa da uwa, uwar da ta haife su shi da Tabarau.

Ta kutsa. Gwiwar hannun wani ta fasa mata leɓe, aka ture ta ta faɗi, ta tashi ta sake kutsawa. Tana ta cewa kuskure ne, bai sani ba, ba wanda ya taɓa gaya masa, amma bakinta cike yake da jini kuma ba mai saurare. Ta sami ƙafar Mai Guduma ta rungume da hannu biyu. Ya ja ta a ƙasa taku ɗaya, biyu, sannan ya tsaya. Ya kalle ta, ya kalli abin da ke kwance a gindin teburin, ya kalli rigar da aka rufa wa ƙaninsa. Bututun ya zame daga hannunsa ya yi ƙara a siminti. Sai a lokacin ya fara kuka, a tsaye, bakinsa a wangame kamar yaro.

Jiniyar 'yan sanda ta sa sauran suka watse, kowa ya koma gefe yana goge hannu a wando.

A bayan motar ɗaukar kaya ta masana'anta aka kwantar da su biyun, a kan kwali, don motar asibiti ba ta iso ba. Tabarau ta zauna a tsakaninsu. Titin duk ramuka ne, kowane rami sai Yaya ya yi nishi. Hannunsa na dama ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, fuskarsa ba ta ganuwa, amma idonsa biyu. Ta kai hannu za ta gyara masa kai, ya kawar.

"Da kin bari 'yan sanda sun zo," ya ce da ƙyar.

"Da sun tarar da gawa biyu."

"Me za ki ce wa Inna?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ya rufe ido. Ta juya wajen Bahago. Tun da aka ɗora shi bai motsa ba, kuma tsoron taɓa shi take. Ta sa yatsu biyu a wuyansa, motar na girgiza ta kasa jin komai, ta danna sosai. Jijiyar tana nan, a hankali, amma tana bugawa. Idonsa mai kyau ya buɗe kaɗan. Leɓɓansa suka motsa, ta sunkuya ta kai kunne.

"Ni na goge masa waldar," ya ce. "Ya ce kada in faɗa."

"Ku yi shiru, Baba. Mun kusa."

"'Yar nan, ba ki kyauta wa wanki ba."

Ta cire abin da ya rage na mayafinta ta naɗe masa yatsun da suka farfashe, ta ɗora hannun a kan cinyarta don kada ya riƙa bugun ƙarfen motar. Da ɗaya hannun ta bubbuga gilashin direba ta ce ya ƙara wuta.